Idan rubutu ya yi kore shar a gwajin matsayin kalmomi, ke nan inji ne ya rubuta shi?

Shamaki_77
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da rubutu mai kalmomi kusan 180. Na saka shi a gwaji irin na GLTR, wanda yake shafa wa kowace kalma launi gwargwadon matsayinta a hasashen modal, wato manhajar da aka horar ta hasashen kalmar da za ta biyo baya. Kusan duk shafin ya fito kore, sai ɗan rawaya nan da can, ja guda biyu, shunayya ko ɗaya babu. A fahimtata magana ta ƙare: inji ne, domin inji ne yake zaɓen kalmar da ta fi yiwuwa a kowane taku. To akwai wani kaso na kore da idan an wuce shi za a yanke hukunci kai tsaye? Misali 80 cikin 100?

Mai_Lissafi
Wa alaikumus salam Malam Shamaki. Kafin maganar kaso, mu daidaita abin da launukan suke nufi, don in ba haka ba za mu yi ta magana biyu.

Ana ba modal rubutun tun daga farko, a tsaya a kowane wuri, a bar shi ya jera duk tokin da ya sani, wato kalmomi da gutsattsarin kalmomi, daga wanda ya fi tsammani zuwa wanda bai tsammata ba sam. Sai a duba wanda marubucin ya sa a zahiri, a ga na nawa ne a jerin. Wannan lambar ita ce matsayi. A GLTR, wanda Gehrmann da Strobelt da Rush suka fitar a 2019, kore yana nufin tokin yana cikin 10 na farko, rawaya cikin 100, ja cikin 1,000, shunayya kuwa ya wuce nan. Jerin GPT-2, modal ɗin da GLTR ya yi aiki da shi, gaba ɗaya tokin 50,257 ne.

Abin da mutane suke mantawa shi ne rubutun ɗan Adam ma kore ne ya fi yawa a cikinsa. Waƙafi, aya, ƙananan kalmomin haɗi, ƙarashen kalmar da aka riga aka fara, duk waɗannan kowa zai same su a saman jeri, mutum ne ko inji. Saboda haka yawan kore shi kaɗai bai faɗi abu mai yawa ba. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wutsiya, wato ja da shunayya. Mutum yakan jefo kalmar da modal bai hango ba jefi-jefi, inji kuwa idan an datse masa zaɓi ba ya iya zuwa can ko kaɗan. Don haka ni rashin shunayyarka ya fi ɗaukar hankalina a kan korenka. Amma ko shi, a kalmomi 180, bai kai hujja ba.

Hajjo_Edita
Ni dai ban ga abin wahala ba. Ai ana nufin inji yana son kalmomin da aka saba ji kullum, mutum kuma yana da kalmomi masu nauyi. Ke nan a ƙirga kalmomin da ba a cika amfani da su ba kawai, ba sai an kunna wani modal ba.

Binta_Kod
A'a Hajiya, ba yawan kalma a harshe ake aunawa ba, yiwuwarta a wannan gurbin ake aunawa. Kalma mai wuyar gaske tana iya zama ta 1 idan abin da ya gabace ta ya riga ya kira ta. Idan rubutu ya ambaci wani dogon sunan sinadari sau uku, a karo na huɗu da an fara shi modal zai ƙarasa, sai ya fito kore. Haka kuma kalma mai sauƙi irin “ruwa” tana iya faɗawa ta 3,000 idan an sa ta inda ba a zata ba. Ƙirgen da kike nufi wani awo ne daban, yana da nasa amfanin, amma ba shi ne wannan ba.

Ga yadda ake fitar da matsayin, ga mai son gwadawa da kansa, bayan ya loda modal a `model` da mai yanka tokin a `tok`, ya sa rubutun a `text`:

```python
ids = tok(text, return_tensors="pt").input_ids
logits = model(ids).logits[0, :-1]
target = ids[0, 1:]
score = logits.gather(1, target[:, None])
rank = (logits > score).sum(1) + 1
```

Layin ƙarshe yana ƙirga tokin nawa ne suka fi wanda aka rubuta maki, ya ƙara 1. Ba sai an jera duka 50,257 ɗin ba.

Hajjo_Edita
To na gane, na gode ’yar’uwa. Ashe gurbi ne abin dubawa.

Dan_Tsako
Malama Binta, nawa kod ɗin ya yi kama da wannan amma sakamakon ya birkice. Rubutun da GPT-2 da kansa ya samar, na auna shi da GPT-2, matsayin yana fitowa ɗaruruwa da dubbai, ko waƙafi ba ya zuwa na 1. Na ɗauka ko hanyar ce ba ta aiki.

Binta_Kod
Duba `[:-1]` da `[1:]` ɗin nan. Kusan na tabbata ba ka gusa ba. Hasashen da modal ya fitar a wuri na 5 na tokin wuri na 6 ne. Idan ka haɗa hasashen wuri na 5 da tokin wuri na 5, kana tambayar yiwuwar kalma ta maimaita kanta nan take ne, kuma hakan ba ya cika faruwa, shi ya sa lambobin suka yi sama.

Hanyar ganewa mai sauƙi: samar da rubutu da `do_sample=False`, wato modal ya ɗauki na 1 kullum, sannan ka auna shi tare da umarnin da ka ba shi. Duk tokin da ya samar ya kamata ya fito matsayi na 1, in ban da ɗaya ko biyu da maki ya zo kusan kunnen doki. In ba haka ka gani ba, kod ɗin ne, ba hanyar ba. Ka kuma auna lambobin tokin da ya fitar kai tsaye. Idan ka mayar da su rubutu sannan ka sake yankawa, wani lokaci yankan yana sauyawa, sai wasu wuraren su yi tsalle ba gaira ba dalili.

Dan_Tsako
Wallahi gusawar ce. Yanzu duk 1 ne.

Injiniya_Sabo
Mu koma kan tambayar Malam Shamaki. Ni a ganina duk wannan hanyar ta mutu tun da ana iya ɗaga `temperature`. Da ka ɗaga shi matsayin kalmomi ya sauya, gwajin ya ruɗe.

Mai_Lissafi
Injiniya, ƙarshen maganarka yana da gaskiya amma dalilin ba haka yake ba. `temperature` raba dukkan makin yake yi da lamba ɗaya, kuma raba lambobi da abu ɗaya ba ya sauya jerinsu. Wanda yake na 7 yana nan na 7. Abin da yake sauyawa shi ne sau nawa ƙuri'a za ta faɗa kan na 7 ko na 700. Idan an rage shi zuwa 0.7, nauyi ya taru a sama, rubutu ya ƙara kore. Idan an bar shi a 1 ba tare da datsewa ba, modal yana ɗebowa daga wutsiya shi ma, sai ja da shunayya su bayyana, gwajin matsayi ya raunana sosai. Wanda yake sauya jerin da gaske shi ne irin `repetition_penalty`, don shi wasu tokin yake zaɓa ya rage musu maki ya bar sauran.

Amma datsewa ita ce uwar alamar. Da `top_k=40`, wanda aka yi amfani da shi sosai a zamanin GPT-2, ana zubar da komai sai 40 na sama kafin a jefa ƙuri'a. Ke nan idan ka auna da ainihin modal ɗin, da ainihin umarnin, ba za ka ga matsayi na 41 ba ko sau ɗaya. Katanga ce tsaye. `top_p` ya fi wayo: yana tara tokin daga sama har yiwuwarsu ta kai, misali, 0.95, sai ya tsaya. Inda modal ya tabbata, tokin 2 ko 3 kaɗai za su rage. Inda yake kokwanto, kamar farkon sabuwar jimla, ɗaruruwa za su shiga. Don haka rubutun `top_p` yana iya nuna ja nan da can, katangar ba a wuri ɗaya take ba. Binciken Ippolito da abokan aikinta na 2020 ya nuna abin mamaki a nan: rubutun `top_k` ya fi yaudarar mutane, amma shi ne ya fi sauƙin kamuwa a hannun na'urar ganowa, saboda wannan tarin da yake yi a saman jeri.

Injiniya_Sabo
Na karɓi gyara a kan jeri. Amma ka lura da sharaɗinka: ainihin modal da ainihin umarni. Wa yake da su? Wanda aka kawo wa rubutu bai san wane modal ba ne, balle abin da aka tambaye shi.

Mai_Lissafi
Nan kam ka taɓo wurin ciwon. Matsayi ba siffar rubutu ba ce shi kaɗai. Abu uku ne suke haifar da shi: rubutun, modal ɗin da ka auna da shi, da abin da modal ɗin ya gani kafin wurin. Sauya ɗaya, launi ya sauya.

Ɗauki rashin umarni. A ce an ba inji takarda mai sunaye da lambobi aka ce ya taƙaita. A wurinsa sunayen na 1 ne, don yana kallonsu. Kai da ka auna taƙaitawar ita kaɗai, modal ɗinka bai taɓa ganinsu ba, sai su fito shunayya, ka ce ai mutum ne. Haka farkon kowane rubutu yake yin ja fiye da tsakiyarsa, don modal bai gane batun ba tukuna. Shi ya sa wasu suke zubar da tokin 20 ko 30 na farko kafin su yi lissafi. Sannan GPT-2 tokin 1,024 yake iya gani a lokaci ɗaya. Idan ka yanka dogon rubutu gida-gida ba ka bar gidajen sun ɗan hau juna ba, kowane gida zai fara da wannan jan na ƙarya.

Tsohon_Soja_Data
Ku bar ƙirgen launi ku koma lamba ɗaya. Ni matsakaicin matsayi nake ba da shawara, a tara a raba, shi ke nan.

Binta_Kod
Ranka ya daɗe, matsakaicin matsayi tsurarsa tarko ne. Bari in nuna da lambobin da na ƙirƙira don misali. Tokin 10, matsayinsu: 1, 1, 2, 1, 5, 1, 3, 1, 1, 4000. Na ƙarshen a ce sunan mutum ne da modal bai sani ba. Jimilla 4,016, a raba 10, an sami 401.6. Cire sunan nan kaɗai, sauran 9 matsakaicinsu bai kai 2 ba, 1.78 ne. Kalma ɗaya ta ninka sakamako fiye da sau 200.

Shi ya sa ake ɗaukar `log` na kowane matsayi kafin a tara. Na 1 ya zama 0, na 2 ya zama 0.69, na 3 ya zama 1.10, na 5 ya zama 1.61, na 4000 kuwa 8.29 kacal. Jimilla kusan 11.7, matsakaici 1.17. Ba tare da sunan ba 0.38. Har yanzu sunan yana da tasiri, amma sau 3 ne, ba sau 200 ba.

```python
rank.float().log().mean()
```

Wannan awon ne aka sa a matsayin ɗaya daga cikin ma'aunan kwatance a aikin DetectGPT na 2023 kan gano rubutun inji, kuma a can ya fi matsayi tsura nisa ba kusa ba. A shekarar kuma DetectLLM suka raba `log` na yiwuwa da `log` na matsayi suka kira shi LRR. Dalilin haɗa su shi ne ba abu ɗaya suke gani ba. Tokin yana iya zama na 2 da yiwuwar 0.4, wani kuma na 2 da yiwuwar 0.001 saboda na 1 ya kwashe komai. A launi duka kore ne, alhali na biyun zaɓi ne na ba-zata.

Tsohon_Soja_Data
Ai ni na tsakiya nake nufi, ba tara-a-raba ba. Bakina ne ya zame.

Binta_Kod
Na tsakiyan ma ba zai taimaka sosai ba, don a rubutu da yawa, na mutum da na inji, 1 ko 2 ko 3 yake fitowa. Yana zubar da wutsiyar da muke nema.

Shamaki_77
To na ji. Amma ku dawo kan nawa: shunayya ko ɗaya babu. Malam Mai Lissafi ya ce wutsiya ce abin dubawa, ga shi babu wutsiya. Me ya rage?

Mai_Lissafi
Tsawo ya rage. A ce, don misali kawai, wani marubuci yana sa tokin shunayya sau 1 cikin kowane 100. Yiwuwar ya rubuta tokin 230, kusan abin da kalmomi 180 na Turanci za su bayar, ba tare da ko ɗaya ba, ita ce 0.99 a ninka kanta sau 230. Kusan 0.10 ke nan. Wato ɗaya cikin goma na rubuce-rubucensa masu wannan tsawo za su fito ba shunayya, kuma duk da hannunsa ya rubuta. A tokin 1,000 lambar ta faɗi ƙasa da 1 cikin 20,000. Ka ga bambancin. Kuma lissafin nan ya ɗauka kowane tokin zaman kansa yake yi, alhali kalmomin ba-zata a tare suke zuwa, sakin layi ɗaya ya kwashe biyar, uku na gaba ba su da ko ɗaya. Ke nan gaskiyar lamarin ta fi lissafin muni.

Sannan wane irin rubutu ne? Ba ka faɗa mana ba.

Shamaki_77
Takardar neman hutu ce daga wurin aiki, da Turanci.

Hajjo_Edita
Haba Malam, ai da ka faɗa tun farko. Takardar ofis ai kowa iri ɗaya yake rubutawa, gaisuwar buɗewa ɗaya, ta rufewa ɗaya. Ko ni da ban san modal ba zan iya ƙarasa maka rabin jimlolinta.

Malam_Gyara
Maganar Hajiya ita ce maganar. Duk rubutun da yake bin tsari zai yi kore: wasiƙar ofis, sharuɗɗan yarjejeniya, rahoton yanayi, bayanin shan magani. Sai kuma rubutun da modal ya haddace. Saka sashe na farko na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 da Turanci, bayan ’yan kalmomin farko sauran za su zuba kore, don ya ci karo da shi ba adadi a lokacin horo. Mutane ne suka rubuta shi shekaru da dama kafin a yi modal ɗin.

Wanda ya fi damuna shi ne mai rubutu da harshen da ba nasa ba. Yakan tsaya kan kalmomi da ginin jimlar da ya tabbatar da su, kuma su ne na saman jeri. Wani binciken Jami'ar Stanford na 2023, na Liang da abokan aiki, ya gwada na'urorin ganowa 7 a kan rubutun jarrabawar Turanci ta TOEFL guda 91, duk na mutane. A matsakaici an yi wa fiye da 60 cikin 100 hukuncin cewa inji ne. Ba duka na'urorin ne suke auna matsayi ba, amma masu binciken sun danganta abin da sauƙin hasashen kalmomin, kuma jijiya ɗaya ce.

Dan_Tsako
Na Hausa fa? Za a iya auna shi da GPT-2?

Binta_Kod
Lamba za ta fito, amma ba ta da ma'ana. GPT-2 da Turanci aka horar da shi galibi, don haka yana farfasa kalmomin Hausa gutsi-gutsi, kalma ɗaya tokin 3 ko 4. Harufa masu ƙugiya kuma kowanne bayit 2 ne, ƙ misali `C6 99` ne, sai a raba harafi ɗaya gida biyu. Gutsuren farko na kalma zai yi ja don modal bai san harshen ba, na ƙarshe ya yi kore idan kalmar ta taɓa fitowa a sama. Abin da kake aunawa a nan jahilcin modal ne da yawan maimaici, ba marubuci ba. Dole a sami modal da ya iya harshen. Ko da shi, ya fi kyau a ɗauki matsayin tokin farko na kowace kalma, ko mafi girma a cikinta, kada ƙarashen kalmomi su cika maka kwando da kore na banza.

Injiniya_Sabo
Ke nan dai maganata ta tabbata, a jefar da hanyar. Ga shi kuma da an sake fasalin jimlolin da wani modal alamar ta dusashe.

Mai_Lissafi
Ban yarda a jefar ba. A aikin GLTR, mutanen da aka nuna wa launukan sun tashi daga kashi 54 zuwa 72 cikin 100 wajen gane rubutun inji, ba tare da horo ba. Wannan a kan modal na wancan lokacin ne, amma ya nuna alamar gaskiya ce. Inda take da amfani shi ne tace tari: kana da shafuka dubbai kana son ware waɗanda za a sake dubawa. Nan kuskure ɗaya ba ya cutar da kowa.

Yadda za a sa iyaka, tunda ita Malam Shamaki ya tambaya: babu 80 ko 90 da ta dace da ko'ina. Tara rubutun da ka tabbatar na mutane ne, iri ɗaya da wanda kake zargi, tsawo ɗaya, harshe ɗaya, zai fi kyau wanda aka rubuta kafin ƙarshen 2022, lokacin da rubutun inji bai yawaita ba. Ɗari biyu ko uku a ƙalla. Auna kowanne da modal ɗaya, ka jera sakamakon, ka sa layi inda 5 cikin 100 kaɗai suka faɗa ƙasansa. Sannan ka samar da na inji a kan batutuwan, da saituna daban-daban, ka ga nawa layin ya kama. Idan tarin biyu sun hau juna sosai, awon bai yi aiki a wannan nau'in rubutun ba, ka haƙura.

Malam_Gyara
Ko layin ya yi kyau, a lissafa wannan. Rubutu 1,000, a ce 50 na inji ne. Layi ya kama 80 cikin 100 nasu, 40 ke nan. Ya kuma yi kuskure a 5 cikin 100 na sauran 950, kusan 48. Waɗanda aka nuna wa yatsa 88, fiye da rabinsu ba su yi komai ba. Ni ko a tace tarin ma ina jin tsoro, don wanda aka ware “a sake dubawa” mai dubawar ya riga ya zo da zargi a ransa.

Mai_Lissafi
Ya danganta da abin da ake tacewa, Malam. In shafukan da za a zubar ne daga tarin bayanai, asarar 48 ba komai ba ce. In mutane ne a bayan takardun, ina tare da kai.

Injiniya_Sabo
Saura ku gaya mana ko ƙaramin modal ya fi babba wajen awon idan ba a san wanda ya rubuta ba. Na ga masu cewa ƙaramin ya fi, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

Binta_Kod
Akwai dalili a bayan maganar: babban modal ya haddace rubutun mutane da yawa, sai ya riƙa ba su kore su ma, tazarar ta ragu. Amma ƙaramin kuma yana yi wa rubutun babban inji ja a wuraren da ilimi ne kawai ya fi ƙarfinsa. Gwada duka biyun a kan tarin da Malam Mai Lissafi ya ce a haɗa, wanda ya fi raba su shi ne naka.

Shamaki_77
To bari in nemo tsofaffin takardun neman hutu in auna su tukuna. Ina da kusan 60 a ajiye, na kafin 2022. Sun isa a fara, ko sai na cika 200 ɗin?

Mai_Lissafi
Sun isa ka ga ko takardarka tana tsakiyar tarin ko tana can gefe. Ba su isa sa layin 5 cikin 100 ba, don takardu 3 kacal ne za su riƙe layin.